Bayan inji ya ci hannu: rahoto na biyu da ke gyara na farko

Idan inji ya ci hannun ma'aikaci a masana'anta, takardar farko ba ta wuyar samuwa. Kafin kwana biyu ko uku an rubuta ta, domin manaja yana jira, hukuma tana jira, kuma kowa yana son a wanke injin a koma aiki. A cikinta za a ga sunan wanda ya ji rauni, da lokacin, da abin da ake zaton ya jawo, sannan a ƙasa a jera matakan da za a ɗauka. Wadda ba a cika rubutawa ba ita ce ta biyu, wato rahoton bin diddigi da ake yi bayan wata biyu ko uku, lokacin da hankali ya kwanta, likita ya faɗi hukuncinsa na ƙarshe, kuma waɗanda suka yi gum a ranar farko sun fara buɗe baki. Aikin wannan rahoto iri biyu ne. Yana gyara abin da na farko ya faɗa ba daidai ba, kuma yana bin matakan da aka yi alkawari ɗaya bayan ɗaya don a ga wanne ne aka kammala da gaske.

Dalilin da ya sa rahoton farko yakan fito da gurguwar fahimta ba boyayye ba ne. Wanda abin ya faɗa wa yana kwance a asibiti, ko dai yana cikin zafin ciwo ko an ɗura masa magani, ba a ji ta bakinsa ba. Abokan aikinsa kuwa suna tsoron kada maganarsu ta ja musu kora. Sau da yawa wanda ya rubuta rahoton shi ne shugaban sashen da abin ya faru a ƙarƙashinsa, kuma ba kasafai mutum ke tona wa kansa asiri ba. Ga kuma ƙurewar lokaci. A Nijeriya, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba mai kamfani kwana 7 ya kai rahoton rauni ga hukumar NSITF, Dokar Masana'antu ta 1987 kuma ta wajabta a sanar da sufeton masana'antu duk hatsarin da ya yi kisa ko ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana 3. Wannan gaggawa tana da amfaninta, amma binciken da aka yi a kwana biyu ba ya kai ga saiwar matsala.

Za a fi gane aikin idan aka bi misali guda daga farko har ƙarshe. Misalin da ke tafe ba na wani kamfani takamaimai ba ne; an tsara shi ne bisa irin injin da ake samu a masana'antun roba, kamar waɗanda ke Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, kuma lissafin da ke cikinsa na misali ne.

Injin shi ne na niƙa roba. Ana zuba masa fasassun bokitai da kujeru da ragowar da ta fito daga injin zubi, shi kuma ya daddatsa su ƙanana don a sake narkawa. A cikinsa akwai wani gangaren ƙarfe mai nauyi da aka ɗaura wa wuƙaƙe, yana juyawa da ƙarfi kusa da wasu wuƙaƙen da ke kafe, a ƙasa kuma akwai rariyar ƙarfe da niƙaƙƙiyar robar ke zuba ta ciki. Wani dare injin ya cushe. Saurayin da ke kansa ya ɗaga murfin ɗakin wuƙaƙen, ya sa hannun dama don ya zaro robar da ta maƙale, wuƙa ta same shi a yatsu biyu.

Rahoton farko shafi ɗaya ne da rabi. Ya ce ma'aikacin bai kashe inji ba kafin ya sa hannu, saboda haka sakaci ne. Ya ce raunin yanka ne a yatsu biyu, an ɗinke, zai dawo aiki bayan mako 2. Matakan da ya jera huɗu ne: a ba shi takardar gargaɗi, a sake horar da ma'aikatan sashen, a sayo kwaɗuna na kulle makunnin wuta, a raba safar hannu. Bayan wata guda aka rubuta "an kammala" a gaban dukkan huɗun.

Abin da aka fara gyarawa

Mai rubuta rahoto na biyu, wanda ya kamata ya kasance ba daga sashen da abin ya faru ba, yana farawa ne da mutumin, kafin ya je ga inji. A misalinmu, mako 10 sun wuce saurayin bai dawo ba. Yatsa ɗaya ya warke, ɗayan kuwa jini bai koma masa ba, likitoci suka yanke shi daga gaɓa ta tsakiya. Wannan ya canza komai a takarda. Abin da aka rubuta a matsayin yanka ya zama rasa gaɓa, kwanakin da aka rasa sun tashi daga 14 zuwa fiye da 70, kuma maganar diyya ta koma ta nakasa ta dindindin, ko da ta wani sashe ce. Idan ba a aika wa NSITF sabon bayanin likita ba, fayil ɗinsa zai ci gaba da nuna ƙaramin rauni. A nan ne talaka ke cutuwa ba tare da wani ya yi niyyar cutar da shi ba, domin kawai babu wanda aka ɗora wa alhakin komawa ya gyara layi ɗaya a fom.

Sai kuma a ji ta bakinsa, a gidansa ko a wani wuri da ba ofishin manaja ba. Da aka tambaye shi, sai ya ce ai ya danna jan maɓalli, ya ji ƙarar mota ta mutu, sannan ya buɗe. Abokin aikinsa da ke ɗaure buhuna a gefe ya tabbatar da haka, ya ce a daren bai faɗa ba ne don ba wanda ya tambaye shi. To, idan an kashe inji, me ya yanke shi?

Amsar tana cikin nauyin gangaren wuƙaƙen. Irin wannan inji ba ya tsayawa nan take idan an yanke masa wuta. Ƙarfen yana ci gaba da juyawa da ƙarfin nauyinsa, kuma yana yin hakan kusan shiru, musamman a ɗakin da wasu injina ke ruri. Idan roba ta ɗan riƙe shi, yana iya zama kamar ya tsaya, da an zare abin da ya tokare sai ya motsa. Masu ƙera injin sun san da wannan, shi ya sa a yawancin irinsa suke rufe murfin da wani dogon kusa mai zare, wanda aka haɗa da makunnin tsaro. Da ka fara kwance kusan, makunnin zai yanke wutar mota, kuma zaren yana da tsawon da kafin ka gama murɗawa wuƙaƙen sun riga sun tsaya cik. Jinkirin da kusan ke jawowa da gangan aka yi shi, kuma shi ne kariyar.

Da mai binciken ya durƙusa a gaban injin, bai ga dogon kusa ba. Abin da ya gani gajeren sakata ne da aka yi wa walda, wanda ake buɗewa da bugu ɗaya. Makunnin tsaron yana nan, amma an ɗaure harshensa da guntuwar waya ta yadda kullum injin zai ɗauka murfi a rufe yake. Wayar ta yi baƙi da mai da ƙurar roba, fentin da ke gefen waldar kuma ya daɗe da ƙonewa har ya yi tsatsa, alamar aikin ba na jiya ba ne. Ya sa aka kunna injin babu kaya a ciki, aka kashe, ya duba agogo: daƙiƙa 40 kafin wuƙaƙen su tsaya. Ya gwada buɗe sakatar da ɗaga murfin: daƙiƙa 5. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai daƙiƙa 35 da hannun mutum zai iya isa ga wuƙa mai motsi, alhali ya yi duk abin da aka koya masa.

Saboda haka rahoto na biyu ya rubuta a fili cewa maganar da rahoton farko ya yi, wai ba a kashe inji ba, kuskure ce, ya kawo hujja, ya sa kwanan wata. Ba a goge tsohon rahoto, ba a kuma sake buga shi a ɓoye da sabon bayani. Ana barin sa yadda yake, a ce a sashe kaza an faɗi kaza, yanzu an gano kaza, ga dalili. Sufeto ko alƙali ko sabon manajan da zai zo bayan shekara uku yana bukatar ya ga yadda fahimtar ta sauya.

Mai bincike nagari ba ya tsayawa a kan waya da sakata, domin ba wanda ke ɗaukar na'urar walda ya lalata kariyar inji don nishaɗi. Da aka zauna da makanikin, sai ya ce shugaban aikin dare ne ya roƙe shi, saboda injin yana cushewa sau 8 zuwa 10 a dare guda, kowane cushewa kuma kwance dogon kusa da mayar da shi yana cin mintuna. Ma'aikatan kuwa da buhu ake lissafa musu ƙarin kuɗi, don haka duk mintin da inji ya tsaya daga aljihunsu yake fita. Me ya sa yake yawan cushewa? Wuƙaƙen sun dakushe. Littafin gyara ya nuna an daɗe ba a wasa su ba, tun da aka rage kuɗin kayan gyara, kuma tazarar da ke tsakanin wuƙa mai juyawa da mai tsayuwa ta buɗe, sai roba ta riƙa lanƙwashewa tana cusa kanta maimakon ta yanke. Daga nan zaren ya bayyana: wuƙa ta dakushe, inji ya yawaita cushewa, aka ga kusa yana ɓata lokaci, aka cire shi, hannu ya shiga. Wanda ya mayar da kusa kawai ya bar wuƙa a dakushe, to bayan wata biyu zai sake tarar da waya a kan makunnin.

Me ake nufi da "an kammala"?

Rabin rahoton na biyu yana kan matakan nan huɗu da aka ce an gama. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi mai sauƙin faɗi ce: ba a rufe mataki da rasit ko da maganar wanda aka ba aikin, sai wani daban ya je wurin injin ya gani kuma ya gwada. Ma'aunin duniya na kula da lafiyar ma'aikata, ISO 45001 na 2018, ya ƙara da sharaɗin cewa bayan an ɗauki matakin gyara dole a koma a duba ko ya yi tasiri. Wato tambayoyi biyu ne daban, an yi, da kuma ya yi aiki.

Maganar kwaɗuna ta fi kowace nuna bambancin. An sayo su, rasit yana cikin fayil, kuma a kan haka aka rufe matakin. Amfanin kwaɗon shi ne, duk wanda zai sa hannu cikin inji ya sauke babban makunnin wuta, ya maƙala kwaɗonsa, ya jefa mabuɗin a aljihu, ta yadda ba mai iya mayar da wuta sai shi. Bayan ya kulle kuma sai ya danna maɓallin kunnawa ya tabbatar injin bai amsa ba. Da aka je dubawa, kwaɗunan suna cikin durowar shugaban sashe, ko ledarsu ba a ɓare ba. Ba taurin kai ne ya hana amfani da su ba. Babban makunnin injin tsohon yayi ne, ba shi da ramin da za a zura kwaɗo, kuma yana can bayan wani bango inda mai aiki ba ya ganin sa daga bakin inji. Rahoto na biyu ya sake buɗe matakin, ya canza kalmominsa daga "a sayo kwaɗuna" zuwa "a kafa makunni mai karɓar kwaɗo kusa da injin, kowane mai aiki ya samu kwaɗonsa da sunansa a jiki". Yadda aka rubuta mataki tun farko shi ke nuna yadda za a rufe shi. Idan aka rubuta "a saya", da an saya an gama.

A nan akwai wani abu da ya shafi masana'antunmu fiye da na ƙasashen da wuta ba ta yankewa. Idan an ɗauke wuta, inji ya yi tsit, ma'aikaci yakan ga dama ta samu ya share ciki kafin a tada janareto. Idan na'urar kunna motar irin wadda ke zama a kunne ce, da wuta ta dawo injin zai tashi da kansa da hannun mutum a ciki. Na'urar da ta dace ita ce wadda ke sakin kanta idan wuta ta ɗauke, ba ta sake tashi sai an danna maɓalli. Gwada wannan ba ya cin minti biyar: a kunna inji babu kowa kusa, a yanke wuta daga sama, a mayar, a ga ko zai motsa. Rahoton bin diddigi a masana'antar da ke sauyawa tsakanin wutar gari da janareto bai cika ba idan babu sakamakon wannan gwaji.

Horarwar ma an ce an kammala, ga takarda da sa hannun mutum 24. Amma sashen yana da mutum 31, kuma bakwai ɗin da suka rage duk 'yan aikin dare ne da 'yan kwangilar kwana-kwana, wato ainihin mutanen da hatsarin ya faru a cikinsu. An yi bayanin da Turanci a ɗakin taro, ba a gaban injin ba. Mafi muni, abin da aka koyar shi ne "ku kashe inji kafin ku sa hannu", abin da saurayin ya riga ya yi. Mai binciken bai sake kiran taro ba. Ya zaɓi mutum uku a dare guda, ya ce kowa ya nuna masa yadda zai yi idan inji ya cushe, kuma ba ɗaya a cikinsu da ya ambaci jiran wuƙaƙe su tsaya. Matakin ya koma a buɗe, da sabon abin koyarwa, da Hausa, a bakin inji, kuma ba za a rufe shi ba sai kowa ya nuna da hannunsa.

Safar hannu kuwa soke ta aka yi, aka rubuta dalili. Safa mai hana yanka tana da amfani lokacin da makaniki ke kwance wuƙaƙe a injin da aka kulle, amma ba ta tare wuƙar da ke daddatsa kujerar roba, kuma kusa da abu mai juyawa tana iya maƙalewa ta ja hannun gaba ɗaya. Takardar gargaɗin ma janye ta aka yi, tun da tushenta ya rushe, aka cire ta daga fayil ɗin ma'aikacin aka sanar da shi a rubuce. A ganin mai wannan rubutu, kamfanin da ya iya yin wannan ya yi abin da ya fi sayen sabon inji wuya, kuma sauran ma'aikata suna kallo. Idan suka ga an wanke abokinsu da gaskiya ta fito, gobe za su faɗi inda aka ɗaure wata wayar.

Duba jerin farko da kyau za a ga abu ɗaya ya haɗa matakan huɗu: duk suna neman ɗan Adam ya canza, babu wanda ya taɓa injin. Masana harkar suna jera matakan kariya daga mai ƙarfi zuwa mai rauni. A sama akwai kawar da haɗarin gaba ɗaya, sai shinge da na'urar da ke hana hannu isa wurin, sai dokoki da horarwa, a can ƙasa kuma kayan sawa a jiki. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ma ta ɗora wa mai masana'anta nauyin killace duk wani sashe mai haɗari na inji, ba ta bar abin ga hankalin ma'aikaci ba. Rahoton da matakansa duka suka taru a ƙasan wannan jeri yana nuna binciken bai yi nisa ba.

Sababbin matakan da rahoto na biyu ya kawo su ne suka taɓa ƙarfe. An cire sakatar, an mayar da dogon kusa da sabon makunnin tsaro, kuma an rufe wannan mataki da gwaji a rubuce: sau uku aka auna tsayawar wuƙaƙe babu kaya a ciki, domin a lokacin ne suka fi daɗewa suna juyi, mafi tsawo ya zama daƙiƙa 42, kwance kusan da iyakar saurin hannu kuma ya ci daƙiƙa 70. Wanda ya auna ba shi ne ya ɗaura ba, kuma wakilin ma'aikata ya tsaya ya gani ya sa hannu. An wasa wuƙaƙe, an daidaita tazararsu yadda littafin injin ya ce, an sa ranakun wasawa a jadawalin gyara. Wannan matakin an yi shi, amma ba a rufe shi ba tukuna. An rataye takarda a jikin injin ana ja layi duk lokacin da ya cushe, kuma sai an ga adadin ya sauka ya zauna a ƙasa na tsawon wata biyu za a ce ya yi tasiri. A makonni ukun farko ya sauko daga 8 zuwa 10 a dare ya koma 1 ko 2.

Sannan tambayar da rahoton farko bai yi ba ko kaɗan: ina kuma ake da irin wannan? Masana'antar tana da injin niƙa na biyu a ɗayan ɗakin. Da aka leƙa, shi ma sakata ce a jikinsa, waldar hannu ɗaya. An tsayar da shi a ranar.

Abin da ke faruwa idan ba a koma ba

Kada a ɗauka wannan cuta ce ta ƙananan masana'antu ko ta ƙasashe matalauta. A garin Arcadia na jihar Wisconsin a Amurka, a shekarar 2015 kamfanin kayan ɗaki na Ashley Furniture yana da ma'aikata kusan 4,500. A watan Yulin 2014 wani ma'aikaci ya rasa yatsu uku a injin katako. Da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar, OSHA, ta shiga bincike, sai ta gano an samu raunuka fiye da 1,000 a wurin cikin shekara uku da rabi, fiye da 100 daga cikinsu a kan injina masu kama da wancan. A watan Fabrairun 2015 hukumar ta sanar da tarar dala miliyan 1.76. A watan Maris na wannan shekarar, wata guda kacal bayan sanarwar, wani ma'aikacin ya sake rasa yatsa a wani inji. An kai ga sasantawa a 2016, inda kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 1.75 ya kuma gyara tsarin kariyar injinansa. Raunukan nan dubu an rubuta su, don daga littafin kamfanin aka ƙirga su. Rubutawar ba ta hana na gaba faruwa ba.

Shi ya sa dokar Amurka ba ta yarda da alkawari kawai. Idan hukumar ta kama kamfani da laifi ta ba shi wa'adin gyara, dole cikin kwana 10 bayan cikar wa'adin ya rubuto yana tabbatar da an gyara, ya faɗi rana da yadda aka yi. Idan laifin na ganganci ne ko maimaici, sai ya haɗa da hujja kamar hotuna da takardun saye ko na gyara, kuma ya sanar da ma'aikatan da abin ya shafa. Wanda ya bar laifi ba gyara, tara tana hawa masa kullum. Masana'antar da ke Kano ko Kakuri a Kaduna ba ta ƙarƙashin wannan doka, amma ba abin da ya hana ta ɗora wa kanta irin wannan sharaɗi a cikin gida, kuma ƙungiyar ƙwadago tana iya nema a teburin tattaunawa.

Rahoton bin diddigi na gaskiya ba ya fitowa da komai a rufe, kuma mai karatu ya yi hattara da wanda ya fito haka, musamman idan ranakun rufewar duk sun faɗo a mako guda kafin zuwan sufeto. A misalinmu, sabon makunni mai karɓar kwaɗo bai iso ba, an ce sai bayan mako 3. Rahoton bai ɓoye ba. Ya sa sunan mutum ɗaya da ke da alhakin, ba "sashen gyara" ba, ya sa sabuwar rana, ya faɗi dalilin jinkiri, sannan ya rubuta abin da zai tsare mutane kafin nan: idan inji ya cushe, mai aiki ba zai buɗe ba, zai kira mai gyaran wuta na dare ya cire fis ya riƙe a hannunsa har a gama. Wannan mataki na wucin gadi yana da tsada a lokaci, kuma da gangan aka bar shi da tsadarsa don kada a manta da na dindindin. Maganar biyan ƙarin kuɗi da buhu ita ma ta rage a buɗe, an miƙa ta ga shugabannin kamfanin da shawarar a daina cire lokacin cushewar inji daga lissafin ma'aikaci, domin ba hurumin jami'in tsaro ba ne ya canza albashi.

Shafin ƙarshe ya koma kan saurayin. Likita ya ce zai iya fara aiki mara nauyi, aka ba shi wurin auna buhuna da rubuta lamba har hannun ya ƙara ƙarfi, da ranar da za a sake duba shi. An haɗa sabon bayanin likita an aika wa NSITF, wadda masu kamfanoni ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu domin irin wannan rana. An kuma rubuta masa a takarda, aka karanta masa da Hausa a gaban yayansa, cewa doka ta ba shi shekara ɗaya daga ranar raunin ya shigar da neman diyya, kuma mako 10 daga ciki sun riga sun tafi. Aka ba shi kwafin rahoton, aka manna wani a allon sanarwa na sashen, aka sa ranar zama na gaba bayan kwana 60 don duba matakai huɗun da suka rage: makunnin kwaɗo, horarwar 'yan dare, ƙidayar cushewa, da lissafin buhu.